Darasin shago: sauya allo a cikin hoto ba tare da an gane ɗori ba

Wannan bayani na ku ne, yaran da ke koyon aiki a teburin zane. Aikin da za mu bi shi ne na mai shagon ɗinkin nan da ya turo hoton gaban shagonsa, yana son ya ga yadda sabon allo zai zauna kafin ya biya kuɗin bugawa da walda. Abu biyu za a sauya: babban allon da ke saman ƙofa, da ƙaramin allo mai ƙafa da ke tsaye a baranda. An ɗauki hoton da waya, wajen ƙarfe 4 na yamma a watan Nuwamba, a nan Kano. Da Photoshop zan yi bayani, amma mai aiki da Photopea zai tarar da kusan dukkan sunayen a can.

Kada wanda ya goge tsohon allon tukuna. Duk abin da kuke nema yana jikinsa: inda rana take, ƙarfinta, launinta, kaifin inuwa, har da yawan ƙurar da ke iska ran nan. Ku kwafe hoton da Ctrl+J, ku kulle na ƙasa, ku riƙa komawa gare shi har a gama.

Sai ku karanta hasken. Shagon yana kallon yamma, mai ɗaukar hoton kuma ya ba rana baya. A watan Nuwamba rana tana karkata kudu, don haka a wannan hoto hasken daga dama yake zuwa, inuwa kuma tana faɗuwa hagu da ƙasa. Kada ku haddace wannan. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Agusta ranar tsaka tana ratsawa ta arewa da mu. Shago ɗaya, hoto biyu, ɗaya a Yuni ɗaya a Disamba, inuwarsu ba za ta zo ɗaya ba. Hoton da ke gabanku shi za ku tambaya. Ku buɗe sabuwar leya, ku ja layi daga kusurwar tagar zuwa kusurwar inuwarta, ku sake ja daga kan ƙarfen rumfa zuwa inuwarsa, ku ƙara na uku. In aka tsawaita waɗannan layuka, wuri ɗaya suke nufa. Da irin wannan awo masu binciken hotunan jabu, irin su Hany Farid, suke kama hoton da aka yi wa ɗori. Inuwar da za mu ƙirƙira dole ta bi sahun layukan nan.

Ɗora zanen ba shi da wuya. Ku mayar da shi Smart Object don in mai shago ya ce a canza lambar waya ba sai an sake komai ba. Ctrl+T, sannan Distort, ku kai kowace kusurwa kan kusurwar tsohon allon. Sabon allon akwati ne mai kaurin santimita 10, tsohon kuwa santimita 5 ne. Tun da daga ƙasa aka ɗauki hoton, ƙasan akwatin zai fito, dole a zana shi, kuma ya fi fuskar duhu domin rana ba ta samunsa.

Yanzu ga inda yawancin aiki ke lalacewa. Zanen da kuka yi a kwamfuta, farinsa 255, 255, 255 ne, baƙinsa 0, 0, 0. Irin wannan fari da irin wannan baƙi babu su a kan titi. Ku danna F8 don Info ya fito, ku ɗora linzami a kan farin rubutun tsohon allon. A wannan hoto, inda rana ta haska, farin ya ba da 221, 209, 190. Ku lura ja ya fi shuɗi da 31, alamar ranar la'asar ce mai ɗan ja-ja. Wannan farin dai, a ƙarƙashin inuwar rumfa, ya koma 128, 131, 142, wato can shuɗi ne ya rinjaya, domin wurin da rana ba ta kai ba hasken sararin sama ne ke cika shi. Baƙin rubutun kuwa 38, 35, 34 ne. Waɗannan lambobi su ne iyakar sabon allonku. Ku sa Levels a samansa, ku ɗaure shi da Ctrl+Alt+G don kada ya taɓa sauran hoton, ku shiga Red, Green da Blue ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta lambobin a Output Levels: na ja 38 da 221, na kore 35 da 209, na shuɗi 34 da 190. Nan take za ku ga allon ya daina tsalle a ido. Zai yi muku kamar ya dushe, hannu zai so ya ƙara masa kala. Ku bar shi haka. Ido ne ya saba da zanen, amma bangon da ke kewaye da shi bai san da wannan ba.

Inuwa iri uku ce a wannan aiki, kuma kowace da hanyarta.

Akwai wadda ta faɗo a kan allon. Bakin rumfar kwano ya rufe saman tsohon allon da inuwa, wayar lantarki ma ta ja siririn layi a gicciye. Da kuka ɗora sabon zane duk sun ɓace, sai inuwar wayar ta taho a bango, ta yanke a bakin allo, ta ci gaba a ɗaya gefen. Ko wanda bai san aikin ba zai ji wani abu bai yi daidai ba. Ku rage Opacity na sabon allon, ku bi sawun inuwar da Pen Tool, ku yi Curves mai abin rufewa da wannan siffa, ku sauke shi har farin wurin ya kai 128, 131, 142. Da yake sabon akwatin ya fi fitowa waje, inuwar rumfa za ta ɗan ja sama kaɗan a kansa.

Sai wadda allon ke jefawa a bango. Drop Shadow ba ya wannan aiki: baƙi ne kawai mai laushi ɗaya ta ko'ina, bai san akwai taga ko tudun filasta a bayansa ba. Awo za ku yi. Inuwar tsohon allon ta sauka fiksel 12, ta matsa hagu fiksel 11. Sabon ya ninka shi kauri, saboda haka tasa 24 da 22 ce. Ku ɗauki siffar allon, ku matsar da ita haka, ku yi Curves a kan bangon ƙarƙashin allon, ku duhunta har lambobin su yi daidai da wata inuwa ta gaskiya a jikin wannan bango. Na fi son wannan a kan shafa baƙin fenti, domin ƙurajen filasta da tabon ruwan sama suna nan ana ganinsu a cikin inuwar. Game da laushin bakinta, rana tana cin kusan rabin digiri ne a sama, shi ya sa in sama ta washe bakin inuwa ke yin laushin kusan santimita ɗaya a kowace mita ɗaya ta nisa. Abin da ke manne da bango inuwarsa kaifi gare ta, inuwar saman allo mai ƙafa da ta yi nisa a ƙasa kuwa ta fi ta gindinsa laushi. Lokacin hazon hunturu lissafin nan ba ya aiki, inuwa takan yi laushi har ta kusa ɓata, sai dai ku kwaikwayi abin da ke hoton.

Ta ukun ƙarama ce, amma ita ke dasa abu a ƙasa: ɗan duhun nan daidai inda ƙafar allo ta taɓa tayil. Ku duba ƙafar bencin da ke gefe, za ku ga siririn duhu da bai wuce fiksel biyu ko uku ba. Ku yi irinsa da ƙaramin buroshi a leya mai Multiply. In babu shi, allon zai zama kamar an rataye shi da zare a iska.

Batun gilas da abubuwa masu sheƙi yana buƙatar natsuwa, domin tsohon allon yana wurare fiye da ɗaya a cikin hoton. Ku bi hoton lungu-lungu kuna neman jan fentinsa. Yana kan murfin motar da ke fake a gaba, ya lanƙwashe yadda ƙarfen ya lanƙwasa. Yana kan tayil ɗin baranda. Har cikin kwanon rumfa ya ɗan yi ja saboda hasken da allon ya mayar masa. Sabon allon shuɗi ne, don haka in aka bar jan nan, hoton da kansa zai ba da labarin abin da aka cire. Na rumfar, Hue/Saturation da buroshi mai laushi ya isa. Na motar, ku kwafi sabon allon, Flip Vertical, ku lanƙwasa shi da Warp a kan sawun tsohon, ku sa shi Screen, ku rage ƙarfinsa har ya yi daidai da yadda ƙofar shagon ta fito a wannan murfin.

A kan tayil, kowace ƙafar allo daga inda ta taɓa ƙasa hotonta ke farawa. In allon a karkace yake, juya shi gaba ɗaya ba zai haɗa ƙafafun biyu ba, sai an gyara da Skew. Ƙofar gilas ɗin da ke bayan allon kuma, bayansa take gani. Abin da zai fito a cikinta firam ɗin ƙarfe ne da farin bayan fuleks, ba rubutun gaba ba. Kada ku cika ƙarfinsa: gilas ɗin da aka kalla kai tsaye kusan kashi 4 cikin 100 na haske kowace fuskarsa ke mayarwa, sai an kalle shi a karkace yake ƙaruwa sosai. Ya fi fitowa inda cikin shagon ya yi duhu, ya kusa ɓacewa inda farar shadda ke rataye a bayan gilas ɗin, kuma Screen yana yin hakan da kansa.

Saura daidaita kaifi. Ku kai hoton 100%, ku kwatanta bakin rubutunku da bakin lambar gidan da ke bango. Naku zai fi kaifi. Gaussian Blur na 0.6 zuwa 1 yakan isa, sannan Add Noise na kashi 1 ko 2, a zaɓi Monochromatic, har tsakin ya yi kama da na bangon. Dushewar ce farko, tsakin daga baya, in ba haka ba dushewar za ta cinye shi.

Kafin ku kawo mini, ku sa Black & White a saman komai ku ga ko allon ya fi abin da ke kewaye da shi haske ko duhu. Ku juya hoton da Flip Canvas Horizontal, domin ido yakan kama karkatar da ya saba da ita in an juya masa. Sannan ku tura wa wayarku ku kalle shi ƙarami, tunda a waya mai shagon zai gani. A ƙasan hoton ku rubuta “Samfuri ne, ba a kafa allon ba tukuna”, don kada ya yaɗu a ɗauka aikin ya riga ya kammala. Ku aika ta WhatsApp a matsayin Document don kada a matse shi, ku ajiye fayil ɗin PSD da leyoyinsa a cikin jakar aikin.