Jadawalin Shirye-shiryen Liyafar Rufe Taron Shekara: Daga Kama Zaure Zuwa Miƙa Makulli

Daga sakataren kwamitin liyafa zuwa ga shugaba da sauran 'yan kwamiti, Allah Ya ƙara muku lafiya. Wannan shi ne jadawalin da muka tsayar a zamanmu na ƙarshe. Za a yi liyafar ne ranar Asabar, 14 ga Nuwamba, da daddare, a babban zauren otal ɗin da za mu yi taron, cikin Nasarawa GRA a Kano. Baƙi 240 muke tsammani. Kowa ya duba inda muƙaminsa ya fito, ya riƙe ranarsa.

25 ga Yuli (saura mako 16): kama zaure

Shugaba da ma'aji za su zauna da manajan otal a sa hannu a yarjejeniya. Farashin da muka daidaita: naira 18,000 kowane mutum, wato 4,320,000, sai kuɗin zaure 900,000. Idan aka ɗora kashi 10 na ladan hidima da kashi 7.5 na harajin VAT, jimla ta kama naira 6,133,500. Ma'aji zai ba da kafin alƙalami na miliyan 2.5 ta banki, ya karɓi rasit. Akwai kuma 200,000 na ajiya saboda ɓarna, wanda za a maido mana idan ba a fasa komai ba.

Ranka ya daɗe shugaba, a nan nake roƙon a tsananta. Bara, a wani wurin daban, baki da baki aka ce mana akwai janareta, sai ana tsakiyar ba da kyaututtuka wuta ta ɗauke, aka ce man dizal ba ya cikin lissafi. Ni na tsaya gaban dattawa ina ba da haƙuri cikin duhu, kuma har yau abin yana damuna. Saboda haka bana a rubuta a takarda: wa zai sayi dizal, ƙarfe nawa za a buɗe mana zaure, ƙarfe nawa za mu fita, ko an yarda mu shigo da zobo da kunun aya daga waje da abin da za a caje mu a kai, da nawa za a maido idan aka ɗage taro. A rubuta kuma cewa ba za a ba wani biki ƙaramin zauren da ke jikin namu a daren ba, don ganga ba ta barin jawabi ya jiwu.

22 ga Agusta (saura mako 12)

A kai wa babban baƙo da uban taro takardun gayyata hannu da hannu. Jami'in yaɗa labarai ya kama mai gabatarwa, mai hoto da mai kayan sauti.

19 ga Satumba (saura mako 8): ɗanɗana abinci

Mutum huɗu za su je, ciki har da Hajiya mai kula da walwala, ita ce kuma mai yanke magana. Abin da muka zaɓa: farfesun kayan ciki a buɗe da shi, sai tuwon shinkafa da miyar taushe, dafa-dukan shinkafa da kaza, dambu, masa, da gasasshen kifi ga waɗanda ba sa cin jan nama. A tambayi shugaban masu girki waɗanne abinci ne ke da gyaɗa, domin miyar taushe da yajin tsire duk suna da ita, kuma mutum uku sun rubuta a fom cewa jikinsu ba ya karɓarta. A tanadi zobo da shayi marasa sukari saboda masu ciwon sukari. Ranar ce kuma za a buɗe sayar da kati.

17 ga Oktoba (saura mako 4)

Biya na biyu, miliyan 2.5. A ba da aikin lambobin yabo guda 12, sakatare ya karanta rubutun kowane suna sau biyu kafin a zana. Mai kula da tsaro ya sanar da ofishin 'yan sanda na yankin, ya kuma nemi KAROTA su taimaka da hanya a bakin ƙofa.

31 ga Oktoba (saura mako 2): zagayen zaure

Asabar ce ta ƙarshen wata, ana tsaftar muhalli da safe, don haka mu haɗu da ƙarfe 11:30. Za a zana wurin tebur 24 masu cin mutum goma-goma, da biyu na ko-ta-kwana a baya. A duba ƙofofin fita na gaggawa, da hanyar keken guragu, da ban-ɗakuna, da wurin alwala na maza da na mata. A kunna janareta a gabanmu tare da na'urorin sanyaya ɗaki duka.

Laraba, 11 ga Nuwamba: adadi na ƙarshe

Da ƙarfe 12 na rana sakatare zai miƙa wa otal adadin masu cin abinci a rubuce, a kansa za su yi cefane, a kansa kuma za mu biya ko mutum ya zo ko bai zo ba. Otal ya yarda da rarar faranti 12 kawai. Ina roƙon manyanmu, don Allah, wanda zai zo da ɗan rakiya ya faɗa kafin wannan lokaci. Direbobi da masu tsaro an yi musu abinci 40 a robobi daga asusun walwala, ba sa cikin 240.

Juma'a, 13 ga Nuwamba

Bayan an sauko daga masallaci a kai lambobin yabo, katunan tebur da takardun tsarin taro ɗakin ajiyar otal. Makulli a hannun mataimakin sakatare.

Asabar, 14 ga Nuwamba

3:00 – A tashi daga zaman ƙarshe na taro, ma'aikata su kwashe kujerun lacca.
3:30 – Jera tebura da ado.
5:00 – Gwajin lasifika da majigi. Kunun aya ya iso cikin ƙanƙara, ba ya jure zafi.
5:30 – Hajiya za ta tara masu rabon abinci 14, kowa ya san teburinsa.
6:00 – Magariba. A dakata da komai.
6:30 – Masu karɓar baƙi su zauna a ƙofa da rajista.
7:15 – Isha'i a masallacin otal.
7:40 – Baƙi su zauna, addu'a, taken ƙasa, jawabin shugaba na minti biyar.
8:00 – Abinci.
8:45 – Jawabin babban baƙo, sai kyaututtuka.
9:45 – Godiya da addu'ar rufewa.

Da gangan muka sa abinci kafin jawabin babban baƙo. Mutanen nan tun safe suke zaune suna sauraro, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye ba sai idan zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 60 ba. Ko babban baƙo ya makara, ƙarfe takwas za a buɗe kwanuka. Shugaba ya amince da haka, mai gabatarwa kada ya jira umarnin kowa.

Bayan an watse

Daga 10:00 zuwa 11:30 mai ado da mai sauti su kwashe kayansu. Ragowar abincin da ba a taɓa ba a zuba a robobi nan take, a ba masu gadi, masu shara da ɗaliban da suka taya mu aiki. Mataimakin sakatare ya bi teburi-teburi ya tattara abin da aka manta, waya ko hula ko mayafi, ya rubuta. Ni da ma'aji za mu zaga da wakilin otal, mu ƙirga abin da ya fashe idan akwai, mu ɗauki hoto, kowa ya sa hannu, sannan a miƙa makulli.

Litinin, 16 ga wata, ma'aji ya biya cikon 1,133,500, ya karɓo kuɗin ajiya. Takardun godiya su fita kafin Laraba. Juma'a, 20 ga wata, da ƙarfe 4:30 bayan La'asar, kwamiti zai zauna a ofishin ƙungiya. Kowa ya zo da rasit ɗinsa.