Waya ta Tsaya a Ƙofar Aji

A duk farkon shekarar karatu, cikin watan Satumba, ana karanta mana dokokin makaranta a filin taro, kuma babu dokar da take jawo gunaguni kamar ta wayar salula. Ni ɗalibar ajin Faramiya ce a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa ta arewacin Kamaru, saura mini shekara ɗaya in shiga Tarminal, ajin ƙarshe, kuma na ji wannan gardama daga kowane ɓangare. Ɗalibai suna cewa zamani ya canza, duniya ta koma cikin waya, wanda ya hana mu ita ya hana mu ilimi. Malamai suna cewa waya ce ta kashe karatu. Iyayenmu kuwa suna tsakiya, domin uban da yake faɗa a kan waya shi ne kuma yake son ya kira 'yarsa ya ji ko ta sami mashin ɗin dawowa gida. Ba mu kaɗai muke wannan muhawara ba. Faransa, wadda tsarin karatunmu na ɓangaren Faransanci ya samo asali daga nata, ta yi doka a 2018 ta hana waya a makarantun firamare da na kolej, wato ƙaramar sakandare, Holand ma ta fitar da ita daga azuzuwan sakandare tun Janairun 2024. Sai dai ba don Turawa sun yi ba ne nake goyon bayan hanin. Dalilaina na nan gida ne, daga irin ajin da muke zama a ciki. Ra'ayina shi ne a bar ɗalibi ya zo makaranta da wayarsa idan iyayensa sun ga dama, amma kada ta shiga aji tare da shi.

Babban dalilina shi ne hankali. Duk wanda bai taɓa zama a ajin lise na arewacin Kamaru ba, zai yi wuya ya gane yadda hankali yake da tsada a wurin. Muna da yawa ƙwarai, mutum uku ko huɗu a benci ɗaya, gwiwa na gogar gwiwa. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, rufin kwano yana huci, da azahar ta gabato kowa ya fara fifita da littafinsa. Malamin lissafi yana gaban allo da alli a hannu, yana bayani da Faransanci, harshen da yawancinmu ba da shi muke magana a gida ba, wasu Hausa, wasu Fulatanci, wasu Fali ko Gidar. Wato tun kafin a zo ga lissafin, sai ka fara kama maganar tukuna. A irin wannan hali, in ka kau da kai na minti biyu, layi uku sun wuce ka, kuma malamin ba zai dawo baya dominka ba, don bai ma san ka ɓace ba. To a nan ne za a ce a ƙara mana waya? Na ga yadda abin yake faruwa a bencin baya, wurin masu shigo da ita a ɓoye. Ana sa ta a cinya, a rufe da gefen hijabi ko a buɗe littafi a kanta, kai a sunkuye kamar mai kwafar darasi, babban yatsa kuwa yana ta aiki. Ba mai wayar kaɗai take ɗauka ba. Na damansa ya leƙa, na hagunsa ya leƙa, na baya ya miƙo wuya, sai ka ga bidiyon TikTok guda ya kwashe benci biyu. Ko ba a taɓa ta ba, da zarar ta yi motsi a aljihu zuciya ta tafi wurin wanda ya turo saƙo. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha a harkar ilimi ya yi wannan gargaɗi, cewa kasancewar waya kusa da ɗalibi kawai tana iya raba masa hankali, kuma kada a shigar da na'ura aji sai in ta tabbata tana taimakon koyo. Akwai kuma binciken da Louis-Philippe Beland da Richard Murphy suka fitar a 2015 a kan makarantun wasu birane huɗu na Ingila. Sun gano cewa sakamakon jarrabawa ya ƙaru bayan an hana waya, kuma waɗanda suka fi amfana su ne ɗaliban da suke baya a karatu, masu ƙoƙari kuwa kusan babu abin da ya canza musu. Wannan ya yi daidai da abin da ido yake gani. Wadda take zuwa ta ɗaya a ajinmu ko an ba ta waya za ta ajiye ta saurari malam. Wanda yake fafutukar samun 10 bisa 20, wato makin tsallakewa, shi ne wayar za ta ƙarasa.

Dalili na biyu ya shafi gaskiya da mutunci. Duk ɗalibin Kamaru ya san abin da ake kira ruwa, wato tambayoyin jarrabawa da suke fita kafin ranarsu. A 2020 wasu takardun Bakaloriya, jarrabawar kammala sakandare, sun yi yawo a WhatsApp har sai da aka sake rubuta su, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba suka sha wahala tare da masu laifi. Wannan a babbar jarrabawa ke nan, mai jami'an tsaro da masu sa ido. Ina ga ƙaramin gwajin aji, inda malami ɗaya yake gadin ɗaki cike? Ajin safe su ɗauki hoton tambayoyi su tura wa ajin da zai yi bayan hutun rabin rana, shi ke nan. Mai yin haka yana ganin ya ci riba, sai ranar Furobatuwar, jarrabawar ƙarshen ajin Faramiya, da aka caje shi a ƙofa aka bar shi da biro da kansa. Sannan kyamarar da take ɗaukar takarda ita ce take ɗaukar mutum. Yarinya ta yi kuskure a gaban allo, ko barci ya sace wani bakinsa a buɗe, kafin a tashi hoton ya zagaye rukunonin WhatsApp na makaranta, da daddare ya isa unguwa. Mu mata mun fi kowa sanin illar wannan, domin akwai gidajen da hoto guda ya isa a ce yarinya ta zauna a gida haka nan. Wanda yake tsoron a ɗauke shi ba zai ɗaga hannu ya yi tambaya ba.

Masu son a bar waya suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Littattafai suna da tsada, a aji da yawa ba kowa ne yake da littafin darasi ba, ɗakin karatu kuma in akwai shi to tsofaffin littattafai ne. Da waya za ka duba ma'anar kalmar Faransanci ko ta Ingilishi nan take, ka sauke tambayoyin BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, da na Bakaloriya na shekarun baya, ka ga yadda zuciya take harba jini maimakon zanen alli. Lokacin korona, da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, darussan gidan talabijin na CRTV da waɗanda malamai suka riƙa turawa ta waya su ne suka riƙe wasu. Duk gaskiya ne. Amma a lura, kusan duk wannan amfani a gida ake cin sa, ko a ƙarƙashin bishiyar darbejiya bayan an tashi, kuma babu wanda ya ce a hana shi. Abin da korona ta nuna mana kuma shi ne wa yake da waya wa ba shi da ita. Ranar da malami ya ce kowa ya fito da wayarsa a buɗe shafi kaza, ajin ya rabu uku: mai babbar waya da data, mai babbar waya babu data ko babu caji saboda an kwana ba wuta, da wanda ko ƙaramar mai maɓalli ba shi da ita. Ɗan mai sayar da itace da ya taso daga wajen gari zai zauna yana kallon ɗan babban ɗan kasuwa yana karatu. Gwamnati ta sa mana tufafi iri ɗaya don kada a gane ɗan wane da ɗan wane, sai kuma mu shigo da abin da zai tona asirin kowa? Daga nan matsin ya koma gida, yaro ya tasa uwarsa gaba sai ta saya masa waya ta sefa dubu hamsin, alhali kuɗin rajistar jarrabawa ma da ƙyar aka haɗa. Idan ana son a nuna wa aji bidiyo, wayar malami ɗaya da na'urar haska bango sun isa, kowa ya kalli abu ɗaya a lokaci ɗaya. Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta iyaye. Wadda take zuwa daga unguwar Jambutu ko garin Fitowa, ta tashi bayan ƙarfe uku, tana buƙatar waya a hanya. Amma a hanya take buƙatarta, kuma in wani abu ya taso a gida da rana, ofishin makaranta yana da lamba.

Saboda haka abin da nake kira a yi ya bambanta da abin da ake yi a wasu makarantu, inda ake ƙwace waya a fasa ta da guduma ko a tsoma ta a bokitin ruwa a gaban ɗalibai. Wannan ɓarnar dukiya ce, sau da yawa ma wayar ta uwa ce aka aro, kuma abin da yake koya wa yara shi ne su ƙware a ɓoyo. A maimakon haka, ƙungiyar iyaye da malamai ta sa kafinta ya ƙera wa kowane aji akwatin katako mai ramuka, kowane rami da lambar ɗalibi. Da safe kafin darasin farko, mai waya ya kashe ta ya sa a raminsa, shugaban aji ya rubuta sunaye, a kulle a kai ofishin mai kula da ladabi, a buɗe in an tashi. Wanda aka kama da ita a aji a riƙe ta sai mahaifinsa ko waliyyinsa ya zo da kansa ya karɓa, in ya sake a riƙe har ƙarshen zango. Ɗalibin da yake da larurar rashin lafiya ko ta gani, wanda likita ya rubuta masa takarda, a ba shi izini na musamman. Malamai ma dokar ta hau kansu ta wani gefen: ranka ya daɗe, in ka hana mu, kada kai kuma ka bar mu da rabin lissafi a allo ka fita baranda amsa kira. A darasin kwamfuta kuma a ware lokaci a koya mana yadda ake gane labarin ƙarya da yadda ake kare kai daga 'yan damfarar da suke kira suna neman lambar sirrin asusun waya, domin da ƙarfe uku da rabi za a buɗe akwatin a miƙa wa kowa tasa.