Tsarin Odar Kaya da Karɓarsu a Masana'antarmu ta Shinkafa, Sharaɗa, Kano

Daga: Ofishin Babban Manaja
Zuwa: Shugabannin sassa, Sashen Saye, Sito, Ɗakin Gwaji da Ofishin Akanta
Ranar fara aiki: Litinin, 2 ga Fabrairu, 2026

Assalamu alaikum.

A kakar da ta wuce an sauke mana tirela biyu na shanshera da daddare, ba oda, ba wanda ya auna danshi. Da waya aka yi cinikin. Da mai kayan ya zo karɓar kuɗinsa ya faɗi wani farashi, wanda ya yi cinikin ya faɗi wani, kuma shinkafar ta riga ta shiga tukunya. Mun biya yadda mai kaya ya ce, don ba mu da takardar da za mu nuna masa. Ba laifin mutum ɗaya ba ne, hanyar da muka saba bi ce ta bar ƙofa a buɗe.

Daga ranar da aka ambata a sama, in ban da kafin alƙalami da sayen gaggawa da aka yi bayaninsu a ƙasa, ba a sakin ko sisin kwabo ga mai kawo kaya sai takardu uku sun yi daidai da juna: takardar oda, takardar karɓar kaya, da takardar neman biya ta mai kayan. Kuma wanda ya rubuta oda ba shi zai karɓi kaya ba, wanda ya karɓi kaya ba shi zai biya ba.

1. Neman kaya

Sashen da ke buƙata ya cike takardar buƙata, shugaban sashe ya sa hannu. A rubuta abin da ake so dalla-dalla: suna, girma ko lamba, yawa, da ranar da ake son ya iso. "Belt na injin" ba bayani ba ne. A rubuta wane injin da lambar da ke jikin tsohon. Takardar ta fara biyawa ta sito. Idan akwai kayan a ajiye, mai kula da sito ya bayar, magana ta ƙare a nan.

2. Farashi da zaɓen mai kawo kaya

Sayen da bai kai N500,000 ba, takardar farashi ɗaya ta isa. Daga nan zuwa sama, a nemo uku daga mutane daban-daban. Uku na gaskiya muke nufi. Mutum ɗaya ya kawo takardu uku da sunayen shagunan ƙannensa a Ƙofar Ruwa, wannan ɗaya ce. Idan ba mafi arha aka zaɓa ba, a rubuta dalili a layi biyu, kamar inganci ko saurin kawowa.

Shanshera tana da nata hukunci, domin farashinta ba ya jiran takarda. Kowace safiyar Litinin manajan saye zai tuntuɓi wakilanmu na Kura, Haɗeja da kasuwar Dawanau, ya kawo wa Babban Manaja farashin mako a kan tan ɗaya. Wanda aka amince da shi ne iyaka har Litinin ta gaba. Idan kasuwa ta tashi a tsakiyar mako, a dawo a sake sa hannu. La'adar dillali, kuɗin mota da na 'yan dako duk su fito a jikin oda, a san wanda zai biya su.

Sabon mai kawo kaya ba ya samun oda sai an buɗe masa fayil a ofishin akanta: takardar rajistar CAC idan kamfani ne, lambar haraji ta TIN, da asusun banki mai ɗauke da sunansa ko sunan kamfaninsa. Manomi ko ƙungiyar manoma su kawo katin shaida da shaidar wakilinmu na yankin. Ma'aikacin da mai kawo kayan ɗan'uwansa ne, surukinsa ne ko abokin kasuwancinsa, ya faɗa tun farko kuma ya janye hannunsa daga wannan cinikin. Faɗin ba abin kunya ba ne, ɓoyewar ce laifi.

3. Wa ke da ikon amincewa

Ana duba jimillar kuɗin oda ne, har da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan kayan da ya shafa, da kuɗin mota.

Har zuwa N500,000: shugaban sashe da jami'in saye.
Sama da N500,000 zuwa N5,000,000: manajan saye da akanta.
Sama da N5,000,000 zuwa N50,000,000: Babban Akanta da Babban Manaja.
Sama da N50,000,000: Babban Manaja da Shugaban Kamfani.

Ko'ina hannu biyu ne. Ba wanda zai amince da buƙatar da shi ya rubuta. Idan ta faɗo a matakinsa, ta haura mataki na gaba. Wanda zai yi tafiya, Umara ce ko jinya, ya rubuta sunan muƙaddashinsa da ranakun riƙon, ya ba ofishin akanta kafin ya tashi. "Oga ya ce a yi" ba sa hannu ba ne.

An hana raba oda don a kauce wa mataki. Buhunan zuba shinkafa na N900,000 ba za su koma oda biyu ta N450,000 ba. Duk odar kaya iri ɗaya ga mutum ɗaya a cikin kwana 14, akanta zai haɗa su ya lissafa su a matsayin ɗaya.

4. Takardar oda

Sashen Saye ne kaɗai ke fitar da ita, kuma lambobinta a jere suke, kamar PO-2026-0001. Wadda aka ɓata ba a yaga ta. A ja mata layi, a rubuta "an soke", a bar ta a littafi. Kwafi huɗu ne: na mai kawo kaya, na sito, na akanta, da wanda ya rage a Sashen Saye. Na sito ya isa kafin mota ta iso.

Odar ta nuna kaya, yawa, farashi, ranar kawowa, sharaɗin inganci da lokacin biya. Duk canji bayan sa hannu, ko na yawa ko na farashi, yana komawa wurin waɗanda suka amince da ita. Idan ƙarin ya tsallakar da ita iyakarsu, sai mataki na sama.

Kafin alƙalami ba ya wuce kashi 30 cikin 100 na kuɗin oda, kuma sai da hannun Babban Manaja komai ƙanƙantarsa.

5. Idan kaya suka iso

Nan ne kuɗi ya fi zurarewa, don haka a karanta da kyau.

Ana karɓar kaya daga ƙarfe 8:00 na safe zuwa 5:00 na yamma, Litinin zuwa Asabar, ban da 12:30 zuwa 3:00 ranar Juma'a. Motar da ta zo bayan lokaci ta kwana a harabar waje a rufe da tamfol ɗinta. Maigadi ya rubuta lambar mota, sunan direba, lokaci da lambar oda. Direban da ba shi da lambar oda ba ya shiga, ko da ya ce shi da Alhaji suka yi magana. A ba shi wurin zama da ruwa, a kira manajan saye.

Mutum biyu ke karɓa: mai kula da sito da wakilin sashen da ya nema. A shanshera, ma'aikacin ɗakin gwaji ne na biyun. Su ƙirga da kansu. Abin da ke takardar direba abin da aka ce an loda ne, ba abin da ya iso ba.

Ga yadda ake yi wa shanshera. Mota ta hau babban sikeli da kayanta, direba da yaransa su sauko kafin a ɗauki nauyi. A soki aƙalla buhu ɗaya cikin kowane goma, daga sama, tsakiya da ƙasan lodi, ba na bakin ƙofa kaɗai ba, saboda mai algus ya riga ya san inda ake fara dubawa. A zuba samfur a faranti a duba tsakuwa, yashi, ƙaiƙayi da holoƙo, a shinshina ko akwai warin ruɓa, sannan a sa a na'urar auna danshi. Iyakarmu kashi 14 cikin 100. Daga sama da 14 zuwa 17 ana karɓa amma a rage nauyi. Abin da ya haura 17 a mayar, domin zai yi zafi a sito ya ɓata na kusa da shi. Bayan an sauke, mota ta sake hawa sikeli ba kaya.

Misali: an yi odar tan 30 a kan N400,000 kowane tan, wato N12,000,000. Mota da kaya ta yi tan 46.2, ba kaya ta yi 16.8, kayan da suka iso tan 29.4 ke nan. Danshi ya nuna 16. Lissafin shi ne:

```
29.4 × (100 − 16) ÷ (100 − 14) = 28.72
```

Tan 28.72 za a rubuta, kuɗinsa N11,488,000. Bambancin N512,000 ne a mota ɗaya tak. Wannan sharaɗi yana rubuce a jikin kowace odar shanshera, don kada mai kaya ya ce an yi masa ba-zata.

Dizal kuma a tsoma sandar awo a tankinmu kafin juyewa da bayansa, a duba hatimin tankar, a ɗebi kaɗan a kwalba mai haske a ga ko ruwa ya kwanta a ƙasa. Kayan gyaran injin, makaniki ya gwada lamba da ta oda kafin a sa hannu.

Takardar karɓar kaya, mai lamba kamar GRN-2026-0001, ana cike ta a ranar, a gaban direba, shi ma ya sa hannu ko ya dangwala. A rubuta abin da aka karɓa, abin da ya gaza da abin da aka mayar, tare da dalili. A ɗauki hoton duk abin da aka ƙi karɓa. Idan rabin kaya aka kawo, a rubuta rabin, oda ta zauna a buɗe. Idan an kawo fiye da oda, rarar da ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba a shanshera ana karɓa. Wadda ta wuce haka a ware ta gefe har a sami ƙarin oda ko mai ita ya kwashe.

Ba a karɓar na goro daga direba ko mai kaya, kuɗi ne ko kwanon shinkafa.

6. Biya

Mai kaya ya kai takardar neman biyansa ofishin akanta kai tsaye, da lambar oda a jiki. Akanta ya jera takardun uku: farashi daga oda, yawa daga takardar karɓa. Idan sun saɓa, a tsayar da biya, a sanar da Sashen Saye a ranar, su warware da mai kaya cikin kwana 2 na aiki. Ba a gyara adadi da biro a kan takardar mai kaya. Ya kawo sabuwa.

Shanshera ana biya cikin awa 48 bayan takardu sun daidaita, domin manomi da ɗan kasuwar hatsi ba sa iya jira, kuma wanda muka ja wa rai bana ba zai kawo mana baɗi ba. Sauran kaya kwana 14. Biya ta banki ne kawai, zuwa asusun da ke cikin fayil, bayan an cire harajin da doka ta ce a cire. Saƙon waya ko na WhatsApp cewa "mun canza asusu" ba a aiki da shi. Sai takarda mai sa hannu, kuma Babban Akanta ya kira tsohuwar lambar da ke fayil ya tabbatar.

7. Gaggawa

Idan injin ya tsaya ko janareta ya mutu a tsakiyar aiki, manajan masana'anta na iya sayen abin da bai wuce N300,000 ba da izinin Babban Manaja a rubutaccen saƙo. Kayan su bi ta sito duk da haka, a kawo rasit, a cike oda kafin ƙarfe 12:00 na ranar aiki ta gaba. Dizal ko buhu da ya ƙare don ba a nema da wuri ba, ba ya cikin gaggawa.

A ƙarshen kowane wata mai binciken kuɗi na cikin gida zai zaɓi oda 20 ba tare da sanarwa ba, ya bi su daga takardar buƙata har zuwa biya, ya kawo rahoto ofishina. Kowane shugaban sashe ya karanta wa mutanensa wannan takarda, har da masu gadi da ma'aikatan sikeli, su sa hannu a bayan kwafin sashen, a dawo da shi kafin Asabar, 31 ga Janairu.

Na gode.

Babban Manaja