Sa ɗaya ba ya huɗa

Muna gona muna roron wake labarin ya same ni, a ƙarshen 2018. Wani abokina mai babbar waya ne ya duba mini shafin JAMB, ya taho a kan keke yana haki, ya ce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ɗauke ni, fannin aikin gona. Inna ta ajiye ƙwarya ta rangaɗa guɗa a tsakiyar gona. Baba bai ce komai ba sai “Alhamdu lillahi”, ya ci gaba da aikinsa. Da daddare na ji shi a zaure yana gaya wa maƙwabta, yana maimaita sunan makarantar a hankali don kada ya yi kuskure. Tun daga kakanninmu babu wanda ya taɓa wuce sakandare a gidanmu, kuma har yau idan na tuna muryarsa a daren nan sai na ji ƙirjina ya cika.

Bayan mako biyu ya kora ɗaya daga cikin shanun huɗarmu zuwa kasuwar Gujungu. Biyu ne dama. Duk wanda ya taso a ƙauyukanmu na wajen Ringim ya san abin da hakan ke nufi: karkiya wuya biyu take so, sa ɗaya ba ya jan garma. Shekara uku Baba yana haɗa sansa da na wani maƙwabci, sai an gama huɗar mai sa sannan a zo tamu, wani lokaci ruwa ya riga ya yi nisa. Ni kuwa a Samaru ina zaune a aji ana koya mini yadda jinkirin shuka ke rage amfanin gona. Na rubuta a jarrabawa na ci maki, alhali na san gonar da abin ke faruwa a kanta, na kuma san dalili.

Amma ba san ne ya fi tsaya mini a rai ba. Yayata ce.

Ta girme ni da shekara biyar, kuma duk garinmu an san ta fi ni kai. Ita ta koya mini karatun boko a ƙasa, da tsinke, kafin a sa ni makaranta. Ta gama firamare tana ta ɗaya. Ƙaramar sakandaren da ta fi kusa da mu tafiyar fiye da awa ɗaya ce a ƙafa, keke ɗaya ne a gidan, shi Baba ke hawa zuwa kasuwa, kuma ba a sakin yarinya ita kaɗai a wannan hanya. Sai ta zauna. Da lokacina ya zo aka ba ni keken nan. Ba na ɗora wa Baba laifi, abin da idonsa ya gani a zamaninsa ya yi. Sai dai ba zan iya cewa ƙoƙarina kaɗai ya kai ni jami'a ba, tunda na san wadda ta fi ni ƙoƙari tana gidan miji tana suyar ƙuli-ƙuli.

Ƙulin nan shi ya riƙe ni a makaranta. Duk komawa hutu sai ta ɗaure mini shi a leda, da galan ɗin man gyaɗa, da 'yan kuɗi a naɗe cikin tsumma, ta ce, “Ungo, ɗan ƙanina, kada ka gaya wa kowa.” Daga Ringim zuwa Kano, daga tashar Unguwa Uku zuwa Kwangila, sannan Samaru, kayana na ƙamshin gyaɗa. Dare nawa na jiƙa garin kwaki na daka ƙulinta a ciki, na wuce ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, Allah kaɗai ya sani.

Akwai abin da na yi wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. A shekarata ta farko Baba ya kawo mini ziyara, sau ɗaya ke nan da ya taka Zariya. Ya zo da rigarsa ta Juma'a da buhun gero rabi a kai. Muna tafiya zuwa ɗakin kwananmu sai na hango 'yan ajinmu, yaran birni, sai na ƙara sauri na bar tazara tsakanina da shi. Taku goma ne ko bai kai ba. Bai nuna ya lura ba, kuma na tabbata ya lura, domin da zai tafi ya ce, “Koma ciki, Malam, kada na ɓata maka lokaci.” Na yi istigfari a kan takun nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

A gida ma tazarar ta biyo ni. Aka daina aikena. Idan na ɗauki fartanya sai Inna ta ce, “Bar shi, hannunsa na biro ne.” Ƙannena su ci a kwano ɗaya, ni a zubo mini nawa daban, da tsokar nama idan akwai. Girmamawa ce, na sani, amma na zama kamar baƙo a ɗakin da aka haife ni. Wani lokaci Turanci ya kufce mini a tsakiyar hira, sai in ga Inna ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Sai da yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya zaunar da mu wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na samu na yi damina guda cikakkiya tare da su. Hannuna ya yi bororo ya fashe ya yi kanta. A daminar ce na kawo irin gyaɗa SAMNUT 24 na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, mai nuna da wuri. Baba ya juya ƙwayar a tafin hannunsa, ya ba ni kunya uku a gefen gona, ya ce a gani tukuna. Da kaka ya ware iri daga cikinta da kansa. Wannan ita ce rana ta farko da na ji karatuna ya taɓa ƙasar gidanmu, kuma na yi alfahari da ita fiye da duk wani sakamako da aka taɓa liƙa mini a allo.

Karatun shekara biyar ya kusa cin bakwai, ga korona ga yajin aiki. Da na gama na kai wa Yaya takardar sakamakona. Ta wanke hannu sau biyu saboda mai, ta karɓa ta gefe-gefe, ta karanta da kanta, harafi bayan harafi, har sunan jami'ar da Turanci, bayan shekara kusan ashirin rabonta da aji. Ta yi dariya, ta share ido da bakin zane. Ni na kasa kallonta.

Yanzu ina bautar ƙasa, ana ba mu alawus Naira 77,000 a wata. Na fara tarawa don in mayar wa Baba sansa. Da na gaya masa ya girgiza kai, ya ce sa ya riga ya yi aikinsa, in duba 'yar Yaya, wadda za ta gama firamare bana, ita ma ta ɗaya take zuwa. Hanyar sakandaren tana nan yadda take. Na sayi keke, yana jingine a zauren Baba da ledarsa ba a cire ba, na kuma yi magana da iyayen wasu yara mata biyu don su riƙa tafiya tare. Saura mahaifinta, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma bai taɓa neman shawarata a kan iyalinsa ba. Yaya ta ce in same shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin ya fi sakin fuska. Baba ya ce zai raka ni.