Sanarwa: Ana Neman 'Yan Sa-kai Don Tsafta da Tsaron Masallacin Juma'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, 'yan uwa maza da mata, kwamitin masallacin Juma'a na unguwarmu yana neman mutum 26 da za su ba da lokacinsu fi sabilillahi: 12 a tsafta, 14 a tsaro. Cikin wannan adadi muna buƙatar mata 6, domin sashen mata ba namiji ne zai share shi ko ya binciki masu shigarsa ba. Aikin ba albashi. Kayan aiki, rigar shaida da ruwan sha suna kan kwamiti. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da take share masallacin Annabi (SAW), wadda da ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, ya nemi a nuna masa kabarinta ya yi mata salla.

Masu tsafta za su kasu gida uku, mutum huɗu-huɗu, kowane rukuni mako ɗaya cikin uku. Sharar yau da kullum bayan an sallame Asuba ce, minti 40 kacal: a kakkaɓe darduma, a share haraba, a kwashe ledojin ruwa, a cika butoci. Da hunturu akwai ƙarin shara kafin La'asar saboda ƙura, kuma a fara yayyafa ruwa a tsakar haraba, in ba haka ba ƙurar cikin masallaci za ta koma.

Babban aiki ranar Alhamis ne, daga 4:30 zuwa 6:00 na yamma. A nan ne ake wanke wurin alwala da banɗakuna takwas. Ma'auninmu kofin shayi ɗaya na ruwan bilic a bokiti mai lita 10. Kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan wankin masai mai asid, haɗin yana tayar da iska mai guba da ke shaƙe mutum, balle a banɗaki marar taga. A sa safar hannu, a bar ƙofa a buɗe. Kwatar alwala kuwa guntayen asuwaki da leda ne ke toshe ta, don haka a ɗaga ragar bakinta a kwashe da hannu, kada a tura da tsintsiya. Dardumar da ta jiƙe a fitar da ita rana. In aka naɗe ta da danshi, kwana biyu ta fara wari.

Masu tsaro, ranar Juma'a ce babbar ranarku. Ana hallara 11:30, a tashi 2:30. Mutum biyu a kowace ƙofa cikin ƙofofi uku da na'urar bincike ta hannu, mace ɗaya a ƙofar mata. A gwada batirin na'urar tun daren Alhamis. Kowa za a bincika, har da 'yan kwamiti, cikin ladabi da sallama. Mota da babur ba sa wuce shingen bakin titi. Harin da aka kai babban masallacin Kano ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 ya ishe mu dalilin wannan tsari.

Sata ta fi yawa da zarar an tayar da kabbara, lokacin da kowa ya ba takalma da babura baya. Saboda haka masu aikin ranar za su tsaya har a sallame, sannan su yi Azahar raka'a huɗu, kamar yadda liman ya yi bayani. Mun raba ku bakwai-bakwai don kada kowa ya rasa Juma'a biyu a jere. Sauran ranaku, mutum biyu daga Magariba zuwa bayan Isha'i. Kwanan dare aikin maigadi ne, ba naku ba.

In kun ga jaka ko ƙunshin da ba mai shi, kada ku taɓa. Ku janye jama'a nesa a hankali, ba ihu, ku sanar da shugaban rukuni ya kira 112 ko ofishin 'yan sanda. Wanda aka kama da sata a tsare shi a ofishin kwamiti har jami'ai su zo. Ba duka, ba ɗaukar hoto, ba riƙe makami ko da gora ce. Wanda ya saɓa wannan ya ajiye rigarsa.

Mai son shiga ya kasance ya kai shekara 18, mazaunin unguwa, ya zo da hoto ƙarami biyu da mutum ɗaya da zai tsaya masa, ko mai unguwa ko wani dattijo da aka sani. Alkawarin wata shida ne. Wanda uzuri ya taso masa ya faɗa tun kwana ɗaya kafin ranarsa don a sami madadinsa.

Littafin rajista yana hannun ladan bayan La'asar da bayan Isha'i har zuwa Juma'a mai zuwa. Mata su ga malamar Islamiyya a ajinta. Washegari Asabar da ƙarfe 10:00 na safe za a yi bita a harabar masallaci, a raba riguna da jadawali.

Allah ya saka da alheri. Wassalam.

Kwamitin Tsafta da Tsaro