Littafin awanni da takardun neman biya, Oktoba 2025

Juma'a, 31 ga Oktoba. Rufe lissafin wata. Ƙa'idata tana nan: ina ƙirga lokaci da minti 15-15, kuma abin da ban rubuta a ranar da na yi shi ba, ba na neman kuɗinsa.

Ƙungiyar lafiya, ₦8,000 awa ɗaya
Litinin 6, 9:00 zuwa 12:30, fassara tambayoyin binciken rigakafi. Awa 3 da rabi.
Alhamis 9, 2:15 zuwa 4:00, taro ta Zoom. Awa 1 da minti 45. Minti 20 na farko jiran jami'insu muka yi, amma na saka, domin lokacin da suka sa na zauna.
Talata 14, 8:30 zuwa 1:00, rubuta hirar unguwarzoma biyu daga faifan murya. Awa 4. Na cire rabin awa: an ɗauke wuta, na fita sayo mai na janareta. Wannan ba matsalarsu ba ce.
Laraba 22, gyara bayan sun dawo da aikin. Awa 3 da minti 15.
Talata 28, jerin kalmomin asibiti. Awa 2.
Jimla: awa 14 da rabi.

Masu haɗa bidiyo na Zoo Road, ₦5,000 awa ɗaya
Talata 7, rubutun ƙasan allo, kashi na 1 da na 2. Awa 5.
Alhamis 16, kashi na 3 da na 4. Awa 4 da minti 45.
Litinin 27, daidaita rubutu da murya bayan sun yanke wani wuri. Awa 1 da minti 15. Akwai wasu minti 40 da na yi ina gyara sunan da ni na rubuta ba daidai ba, ban saka su ba.
Jimla: awa 11, ₦55,000. Sun ba da kafin alƙalami ₦20,000, saura ₦35,000.

Hajiya mai atamfa a Kantin Kwari, ₦3,500 awa ɗaya
Litinin 13, rubutun talla, awa 1. Litinin 20, minti 45. Kiran waya uku, na sa kowanne minti 15. Jimla awa 2 da rabi, ₦8,750.

Kiran wayar nan ne ya daɗe yana cinye mini lokaci ban lura ba. Sai ta ce «Malam, minti biyu kawai», daga nan a shiga zancen launin leshi da abin da za a rubuta a ƙarƙashin hoto, kafin in ajiye waya shayina ya huce. Tun farkon wata na gaya mata zan riƙa rubutawa, ta yi dariya ta ce ba komai. Za mu gani.

Haɗa awannin kowa a Google Sheets, suna a layin B, tsawon lokaci a layin E:

```
=SUMIFS(E:E,B:B,"Lafiya")*24
```

Kada in sake manta da `*24`, domin manhajar tana ɗaukar lokaci a matsayin yanki na kwana guda ne. Kuma 14:30 shi ne 14.5, ba 14.30 ba. Da na ninka da 14.30, da ₦1,600 sun tafi.

Duka wata: awa 28, ₦179,750. Abin da zai shigo hannu bayan cire haraji da kafin alƙalami: ₦153,950.

TAKARDAR NEMAN BIYA, lamba 2025-031
Kwanan wata: 31 ga Oktoba, 2025
Zuwa ga: Jami'in kuɗi, shirin rigakafi, ofishin Kano

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ga lissafin aikin fassara da rubuta hira na watan Oktoba, bisa farashin da muka amince, ₦8,000 kowace awa.

6 ga wata, fassarar tambayoyi, awa 3.5, ₦28,000
9 ga wata, taro, awa 1.75, ₦14,000
14 ga wata, rubuta hira, awa 4, ₦32,000
22 ga wata, gyara, awa 3.25, ₦26,000
28 ga wata, jerin kalmomi, awa 2, ₦16,000

Jimla: awa 14.5, ₦116,000
Harajin da kuke cirewa, kashi 5 cikin 100: ₦5,800
Abin biya: ₦110,200

A tura cikin asusun da aka saba, cikin kwana 14, wato kafin ƙarshen ranar Juma'a 14 ga Nuwamba. Don Allah a haɗo mini da shaidar harajin da aka cire, har da ta watan Satumba da ban samu ba tukuna. Idan akwai layin da bai dace da abin da kuke da shi a rubuce ba, a sanar da ni kafin a biya, mu duba tare. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Ta masu bidiyo, lamba 2025-032, ta tafi ta imel ƙarfe 11:20. Ta Hajiya, 2025-033, hotonta zan ɗauka in tura ta WhatsApp bayan sallar Juma'a, in biyo da saƙon murya, don ba ta buɗe PDF.