Wasiƙa ga kwastomomin Shagon Rahama: suna ne ya canza, shago na hannuna

Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena, yayyena da ƙannena, hajiyoyinmu masu haɗa lefe, 'yan sari da teloli da duk wanda ya taɓa sayen ko da yadi ɗaya ne a wajenmu, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya da iyali.

Waɗanda suka biyo ta layinmu kwanan nan sun ga an sauke allon Shagon Rahama an kafa wani mai ɗauke da Mai Turmi Atamfa da Shadda, kuma tun daga ranar wayata ba ta huta ba, wannan ya kira ya ce Malam Haruna ashe ka sayar da shago, wancan ya ce ya ji wai bashi ne ya ci ni aka karɓe wajen, har wata baiwar Allah daga Rigasa ta taso takanas da rasit ɗinta a hannu hankali a tashe saboda ta ba da kafin alƙalami na kayan lefen ɗanta. To dan Allah kowa ya kwantar da hankalinsa. Ban sayar ba, ban jinginar ba, ban shigo da abokin haɗin gwiwa ba. Ni ne dai mai shagon, yaran nan biyu da kuka saba gani suna auna muku yadi su ne har yanzu, lambar wayata ma ita ce wadda kuke da ita.

Ga yadda abin ya faru. Shekara da shekaru muna ciniki da asusun banki mai sunana na kaina, to da harkar sari ta fara ƙaruwa, musamman masu aikowa daga Zariya da Birnin Gwari da Kafanchan, sai na ga ya kamata shago ya samu nasa asusun daban, kuɗin gida gefe kuɗin kasuwa gefe. Banki kuma ba ya buɗe asusu da sunan kasuwanci sai an kai takardar rajista ta CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da sunayen kasuwanci rajista a Najeriya ƙarƙashin dokar CAMA ta 2020. A wajensu matakin farko shi ne ka ba da sunan da kake so su duba, in wani ya riga ka ko kuma sunan ya yi kama da nasa har mutane za su iya ruɗewa, ba za su ba ka ba. Kuma ƙasa baki ɗaya suke dubawa, ko da mai sunan yana Sakkwato ko Maiduguri ne ya tare maka hanya. Muka ba da Rahama, aka ce an riga mu. Muka ƙara masa kalma a gaba, nan ma aka ce ya yi kusa da wani.

Gaskiya abin ya taɓa ni, don sunan nan da shi aka san mu tun muna rumfa a Kasuwar Barci kafin rusau ɗin 2020, da shi muka dawo nan bakin titi muka sake farawa daga kanta ɗaya, kuma ku ne kuka biyo mu kuka riƙe mu a lokacin da ciniki ya tsaya cak. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga hukumar tana da gaskiya. Ku duba Kaduna kaɗai, shago nawa ne ke amsa sunan Rahama, daga masu magani har masu kayan masarufi? Sau da yawa an aiko mai Keke Napep ya ɗauki kaya a wajenmu ya je ya tsaya a ƙofar wani shagon yana kira na yana cewa ga shi ya iso. Akwai ma wadda ta tura kuɗin turmi uku na atamfa wajen wasu masu irin sunanmu, Allah ya sa mutanen kirki ne suka dawo mata da shi, amma sai da aka sha zirga-zirga.

Shi kuwa Mai Turmi laƙabin mahaifina ne, Allah ya jiƙansa da rahama. Dattawan Tudun Wada da Unguwar Sanusi za su tuna da shi, yana ɗaure turamen atamfa a bayan keke yana bi gida-gida, lokacin masaƙun Kakuri suna aiki, ya ba mata kaya su biya a hankali in maigida ya ɗauki albashi. A hannunsa na koyi riƙe almakashi da yadda ake gane atamfar da za ta zuba tun kafin a sa ta a ruwa. Da na shawarci Hajiyarmu ita ce ta ce a sa sunansa, ni kuma ban ƙara neman wani ba. Aka duba ba mai shi, aka ba mu. Takardar tana nan na sa ta a gilashi na rataye a saman tebur, sunana ne a wajen mai kasuwancin, ni kaɗai, duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya shigo ya karanta da idonsa, wallahi ba zan ji haushi ba.

Yanzu maganar kuɗi, nan ne nake so a karanta da kyau. Duk wadda ta ba da kafin alƙalami, ko take tara kuɗin kayan Sallah ko na lefe a wajenmu kaɗan-kaɗan, lissafinta na nan a littafin nan mai baƙin bango, ko kwabo bai motsa ba. Tsohon rasit mai sunan Rahama yana aiki, kar a yar. Alƙawarinmu na canza kaya in aka samu tabo ko yaga matuƙar ba a yanka ba shi ma yana nan. Haka waɗanda shago yake bi bashi, bashin bai tafi da tsohon allo ba, yadda muka yi da kowa haka za mu ci gaba, ba wanda zan matsa wa.

Daga farkon wata mai kamawa taransifa za ta koma sabon asusu. In kun sa lamba, kafin ku danna tura ku duba sunan da ya fito, dole ya zama MAI TURMI ATAMFA DA SHADDA. In wani suna ya fito daban ku tsaya ku kira ni. Da gangan ban rubuta lambar asusun a cikin wannan wasiƙa ba, saboda saƙo in ya shiga yawo a WhatsApp daga hannu zuwa hannu wani marar tsoron Allah zai iya goge lambar ya sa tasa, kuma irin wannan lokaci na canjin suna shi 'yan damfara suke jira. Lambar tana manne a bango cikin shago, tana kuma jikin sabon rasit. Na nesa su kira ni in faɗa musu da bakina. Duk wanda ya turo muku saƙo daga wata lamba ya ce shi ne sabon manaja, ƙarya yake, ba mu da manaja.

Ledojinmu masu tsohon suna da saura da yawa, za mu ci gaba da sa muku kaya a ciki har su ƙare, a tsadar nan ba zan zubar da su ba, kar wani ya gani ya ruɗe. In kuma bakinku ya saba da Shagon Rahama ku ci gaba da kira, zan amsa.

Sabbin kaya sun iso daga Kantin Kwari, akwai Sufa da leshi da shadda gezna da boyel na maza, farashi kuma sai yadda kasuwa ta kai mu, canjin suna bai ƙara ko naira ɗaya a kan turmi ba. Muna buɗewa ƙarfe 9 na safe mu tashi bayan Magariba, ran Juma'a kuma sai an sauko daga masallaci.

Dan Allah wanda ya karanta ya karanta wa iyayenmu mata da ba sa riƙe waya, su ne suka fi shiga damuwa da jita-jitar nan. Na gode da amanar da kuka ba ni, Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a neman kowa.

Naku,
Malam Haruna
Mai Turmi Atamfa da Shadda (tsohon Shagon Rahama)
Tudun Wada, Kaduna